Rasit Ya Ce Madara Biyu, Ni Kuwa Ɗaya Na Kawo Gida

Assalamu alaikum Anti. Ranar Asabar na yi sayayyar wata a wani babban kanti a nan cikin gari, na biya ₦68,400 da kati. A lissafina bai kamata ya wuce dubu sittin ba. Takardar rasit ɗin yara sun yaga, sai hoton da na ɗauka don tura wa maigidana da ke aiki a Abuja, ga shi na haɗo miki. Na ga madara ta fito sau biyu alhali ɗaya na saya, man girki na tuna 9,800 na gani a kanta amma sun sa 11,200, ga kuma wani VAT a ƙasa. Ina jin nauyin komawa, kar a ce na cika ƙwaƙƙwafi, kuma ina tsoron a kori yarinyar da ke karɓar kuɗi saboda ni. In koma ko in bar su da Allah?

Ƙanwarki daga Mabera, Sakkwato

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki koma. Amma da magana ɗaya mai ƙarfi za ki koma, ta biyu sai kin duba wani abu tukuna, ta uku kuwa ki bar ta a gida. Na zauna da hoton nan da kalkuleta, bari in bi da ke yadda na bi, don gobe ki iya yi da kanki.

Na yi shekaru ina riƙe lissafi a wani kanti kafin in bari, kuma abin da na fara koya shi ne ba a fara duba rasit daga jimilla. Ido yana saurin faɗawa kan babban adadin da ke ƙasa, zuciya ta tashi, daga nan kowane layi sai ya koma abin zargi. Daga sama ake farawa. A saman naki akwai sunan kanti, kwanan wata, lokaci, lambar rasit da lambar kashiyar da ta yi miki ciniki. Duk sun fito sarai a hoton, kuma su ne suka sa hoton ya zama hujja. Kwamfutar kanti tana ajiye kowane ciniki da lambarsa, saboda haka manaja ba ya buƙatar takardar da yara suka yaga. Ya buga lambar, cinikin ya fito masa layi-layi. Ko da takardar tana nan ma, irin wadda zafi ke rubutu a kanta ce ba tawada ba, kuma kin san zafin Sakkwato: a bar ta a jaka ko a gaban mota, rubutun ya dusashe har ta koma fara. Hoton ya fi ta daɗewa.

Abu ɗaya kawai: wanda kika turo mini ya bi ta WhatsApp, kuma manhajar tana matse hoto, ƙananan lambobi su ɗan narke. A irin wannan rubutu 3 da 8 suna kama, haka 1 da 7. Ki buɗe na asali da ke cikin wayarki, ki buɗa shi da yatsu, ki kwafe layukan a takarda da biro. Da wannan na asalin za ki je kanti.

Ga abin da na karanta. Shinkafa kilo 10, guda ɗaya, 16,500. Man girki lita 3, 11,200. Taliya shida a kan 1,100, ya kama 6,600. Madarar gari 7,400, sai wata madarar gari 7,400 a ƙarƙashinta. Garin sabulun wanki biyu a kan 2,150, wato 4,300. Sukari biyu a kan 1,750, wato 3,500. Kunzugun jarirai 8,900. Sabulun wanka huɗu a kan 650, wato 2,600. A kowane layi na ninka adadin da ke ƙarƙashin QTY da farashin guda, kuma duk sun yi daidai. Da na haɗa su gaba ɗaya, 68,400 suka ba ni cif. Kwamfuta ba ta cika kuskuren tarawa ba. Kuskure yana shiga ne ta abin da aka ba ta: kaya da aka karanta sau biyu, adadi da aka danna ba daidai ba, ko farashi da aka canza a kwamfuta aka manta da takardar farashin da ke jikin kanta.

Wannan haɗawar da muka yi ita ce ta kashe maganar VAT. Tun da layukan kaya kaɗai sun kai abin da aka cire miki, to 1,186.05 ɗin da kika gani a ƙasa ba ƙari aka yi miki ba. Yana cikin farashin tun asali, an fito da shi ne kawai a nuna rabon gwamnati. Da a kan kayan aka ɗora shi, da jimillar ta zama 69,586. Harajin nan kashi 7.5 cikin ɗari ne tun watan Fabrairun 2020, kuma ba kowane kaya yake hawa ba. Kayan abinci na yau da kullum irin su shinkafa, man girki da madara, da kayan jarirai, da magunguna, ba a karɓarsa a kansu. Na so in ga ko sun kiyaye wannan, sai na juya lissafin baya: na ninka 1,186.05 da 107.5, na raba da 7.5, ya ba ni 17,000. Ki haɗa taliya, sukari da sabulai biyun nan, za ki samu 17,000 daidai. Ma'ana shinkafarki, mai, madara da kunzugu ba su ɗauki haraji ba. Ta wannan fuskar kantin ya yi abin da ya kamata. In kika tayar da maganar a gaban manaja, cikin minti ɗaya zai nuna miki ba ki da gaskiya, kuma daga nan zai saurari sauran maganarki da rabin kunne. Shi ya sa na ce ki bar ta a gida.

Madara ita ce maganarki mai ƙarfi, kuma a nan nake so mu daɗe.

Idan kaya ya fito sau biyu a rasit, abu na farko da ake nema shi ne layin sokewa. Kashiya takan lura ta karanta abu sau biyu, ta soke ɗaya, sai layi na uku ya fito da kalmar VOID ko da alamar ragewa a gaban kuɗin. Mutane da yawa suna ganin biyun farko, ba sa ganin na ukun, su dawo da faɗa a kan kuɗin da aka riga aka cire. Na nema a naki, babu. Kuma lissafin ya tabbatar: jimillar ba ta kai 68,400 sai an ƙirga madarar duka biyu. An karɓi kuɗin biyu ke nan, babu shakka.

Abu na biyu, inda layukan suka zauna. Naki suna manne da juna, suna ɗaya, farashi ɗaya. Haka kuskuren na'urar karanta lamba yake kama. Kashiya ta goga leda a gaban hasken, ba ta ji ƙarar ba saboda hayaniya ko janareto, ta sake gogawa, na'ura kuwa ta ɗauka duka biyun. Ledar madara tana da wannan halin, domin lambar jikinta tana lanƙwashewa, sai an miƙe ta an sake gwadawa. Da ɗaya tana sama ɗaya tana can ƙasa bayan sabulu, da na fi zaton leda biyu ne da gaske suka wuce ta gabanta, wataƙila yaro ya jefa ɗaya a kwando ba ki lura ba. Wannan alama ce kawai, ba hukunci ba, domin mai sayen biyu ma a jere ake karanta masa.

Shi ya sa abu na uku ya zama dole, kuma ki yi shi yau kafin ki taka ko'ina: ƙirga kaya. A ƙasan rasit ɗin an rubuta ITEMS 19. Idan madara ɗaya ce, guda 18 suka shigo gidanki. Ki duba sito, ki duba ledojin da aka ninke aka ajiye, ki tambayi duk wanda ya taya ki sauke kaya. Ki tuna ko leda nawa aka miƙo miki a kanti da nawa kika sauke daga Keke Napep. Ina nanata wannan ne saboda wata baiwar Allah da ta taɓa zuwa mana a fusace kan gwangwanin madara da ta ce ba a ba ta ba. Kashiyar ta yi kuka a gaban mutane. Bayan kwana biyu matar ta dawo da kanta tana ba da haƙuri, an tsinci gwangwanin ya gangara ƙarƙashin kujerar mota. Haƙurin ya yi kyau, amma yarinyar ta riga ta sha kunyar. Akwai kuma hali na uku da mutane ke mantawa: an karanta biyu da gaske, ɗaya ta rage a kan teburin kashiya ba a saka a leda ba. Kantuna da yawa suna da littafi ko kwali na kayan da aka manta, ki tambaya.

In kin ƙirga kin tabbata, to kantin yana da hanyoyi biyu na gane gaskiyarki ba tare da ya dogara da bakinki ba. Ta farko kyamarar da ke saman teburin kashiya. Lokacin da ke kan rasit zai kai su daidai mintin da kike tsaye, su ga leda nawa ta wuce. Ta biyu ƙirgar kaya: kwamfuta ta cire madara biyu daga lissafinta, alhali ɗaya ta fita, don haka za a samu rarar guda ɗaya a kanta. Dukansu biyu lokaci yana cinye su. Na'urar kyamara tana shafe tsohon ɗauka ta ɗora sabo idan ta cika, wata cikin kwanaki, wata cikin makonni. Ƙirga kuma tana rikicewa da zarar an sauke sabon kaya. Wannan ne dalilin da ba na so ki jira maigida ya dawo daga Abuja. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Gobe ko jibi.

Yanzu man girki. A nan doka tana bayanki, hujja ce ba ki da ita tukuna. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana mai kanti karɓar fiye da farashin da ya kafa a jikin kaya ko a kanta, kuma idan farashi biyu ya kafa, na ƙasa ne yake aiki. Ba magana ce ta takarda kawai ba: a watan Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci a kan wannan batu na farashin kanta daban, na wurin biya daban. Sai dai hoton rasit yana nuna abin da aka karɓa ne kawai, ba ya nuna abin da ke rubuce a kanta ranar Asabar. Abin da kike da shi tunawa ce, kuma tunawa ba ta cin gardama da kwamfuta.

Don haka idan kin shiga kantin, kar ki nufi manaja. Ki fara wucewa layin mai kamar mai sayayya. Ki nemo irin wanda kika saya, ki karanta takardar farashin da ke ƙarƙashinsa da kyau, ba adadin kuɗin kaɗai ba. Ki duba sunan kamfani da yawan lita. Sau da yawa galan-galan suna zamewa gefe, na lita 3 ya tsaya a kan takardar wani ƙarami ko na wani kamfani, mai saye ya ɗauka nasa ne. In takardar ta ce wannan kamfanin, lita 3, 9,800, ki ɗauki hoto ɗaya da ya haɗa galan da takardar, sannan ki nemi cikon 1,400 ɗinki da ƙarfin gwiwa. In kin tarar takardar ta wani man ce, ido ne ya yaudare ki, magana ta ƙare. In kuwa kin tarar an riga an canza ta zuwa 11,200, kina iya faɗa wa manaja sau ɗaya cewa ranar Asabar ba haka kika gani ba. Mai gaskiya zai duba ranar da aka canza farashin a kwamfuta. In ya ƙi, ni dai ba zan ja ba. Ba don 1,400 ba kuɗi ba ne, sai don ja-in-ja a kan abin da ba ki iya nunawa yana rage wa maganar madara nauyi.

Kin lura idan aka cire 7,400 da 1,400 daga abin da kika biya, saura 59,600? Lissafin da kika yi a ka bai ɓace ba. Na faɗi wannan ne don ki daina zargin kanki da ƙwaƙƙwafi.

Sai yarinyar nan da kike tausayi, kuma na ji daɗi da kika tuna da ita. Ki kwantar da hankalinki da wannan: da kati kika biya, kuɗin asusun kanti suka shiga kai tsaye, ko kwabo bai bi ta hannunta ba. Babu abin da za ta ci a karanta madara sau biyu. Da tsabar kuɗi ne ma, kwamfuta za ta nemi kuɗin biyun a aljihun teburinta da yamma. Kuskure ne irin wanda duk wanda ya tsaya awa takwas a gaban na'urar nan ya taɓa yi, kuma manajoji sun san shi. Abin da ke jawo wa kashiya matsala shi ne yadda aka kawo ƙorafin. In aka tsaya a kanta ana ɗaga murya ga layi a baya, dole manaja ya nuna ya ɗauki mataki. In aka same shi gefe, gyara ne na minti goma. Ita kanta galibi ba ta da ikon mayar da kuɗi, sai da lambar sirrin manaja ko mai kula da su, don haka zuwa wurinta ma ɓata lokaci ne.

Ki je da hantsi, wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, a ranar aiki. Kar ki je bayan La'asar lokacin da kanti ke cika, kar kuma ranar Juma'a gab da masallaci. Ki tafi da wayar, da katin da kika biya da shi, da saƙon banki na cire kuɗin, wanda adadinsa da lokacinsa za su yi daidai da rasit. Ki gaisa, ki nemi manaja, ki ce masa kamar haka: "Malam, don Allah wani ɗan kuskure nake so a duba mini. Ranar Asabar na yi sayayya, ga lambar rasit. Madara ta fito sau biyu, ɗaya na ɗauka. Ko za a duba kyamara ko a ƙirga ta kanta?" Shi ke nan. Ba ki ce an cuce ki ba, ba ki ambaci kowa ba, kin kuma ba shi hanyar da zai tabbatar da kansa. Kalmar "cuta" ko "sata" kada ta fito daga bakinki ko da ranki ya ɓaci, domin da zarar ta fito ya daina duba rasit, ya koma kare mutuncin kantinsa.

In ya amince, zai ba ki zaɓi. Wasu suna ba da tsabar kuɗi, wasu su yi tiransifa, wasu su ce ki ɗauki kaya na daidai kuɗin. Tun da madara abu ce da za ki sake saye ko ba jima, karɓar leda ta biyun ita ce hanya mafi sauƙi, kuma su ma ta fi musu daɗi domin lissafinsu ya daidaita nan take. Amma zaɓinki ne. In kuɗin kike buƙata, ki ce kuɗi. Abin da ba na so ki karɓa shi ne "za mu mayar miki ta kati" da baki kawai. Irin wannan mayarwar tana ɗaukar kwanaki, wani lokaci a manta. In ita ce kaɗai hanyar, a rubuta miki a takarda, da adadi da kwanan wata da sa hannu, ki ɗauki hotonta ita ma.

In ya ce sai ya duba, ki ba shi kwana biyu, ki karɓi sunansa da lambar kanti. In ya ƙi dubawa sam, ko ya fake da cewa ba a mayar da kuɗi bayan an fita, ki sani wannan rubutun da suke mannawa a bango maganar kayan da aka saya ne ake son dawowa da su. Ke ba kaya kike dawowa da shi ba, kuɗin kayan da ba a ba ki ba kike nema. Daga nan sai ki nemi mai kantin kansa. A garin nan da wuya a rasa wanda ya san wanda ya san shi, kuma sau da yawa kiran waya ɗaya daga maigida ko wani babba ya wadatar. FCCPC tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, ana haɗawa da hoton rasit, kuma ƙofa ce a buɗe. Ra'ayina dai, a kan 7,400 ba zan fara da ita ba, sai in an yi miki wulaƙanci ko kin gano abin ya zama ɗabi'ar kantin. Banki kuma ba ruwansa a nan. Shi ana zuwa wurinsa ne idan na'urar POS ta cire kuɗi sau biyu ko ta cire ba ta biya ba. Naki sau ɗaya aka cire, daidai da rasit.

Game da barin su da Allah: yafiya taki ce, babu mai hana ki. Amma ana yafe abin da mutum ya san yana kansa ne. Mai kantin nan a yanzu bai ma san akwai haƙƙin wani a cikin kuɗinsa ba, kuma in mai tsoron Allah ne zai fi son a gaya masa. Ga shi kuma kuɗin cefanen gida ne da maigida ya turo amana. Kuɗin Keke daga Mabera zuwa da dawowa bai kai ko rabin abin da kike bi ba. Haka kuma idan wajen ƙirgar nan kika tarar da wani kaya a gida wanda babu shi a rasit, ki tafi da maganarsa tare, ki biya.

Ki kira maigida yau da dare ki gaya masa abin da kika gano da ranar da za ki je, tun da hoton yana wayarsa shi ma. Ki ce ya bar shi kar ya goge, ko da taki wayar ta samu matsala kafin ki isa kantin.